Ruwa kan ruwa a ajiyar wa'adi: yadda sefa miliyan ɗaya ke girma shekara bayan shekara

Ajiyar wa'adi ita ce ka ba banki kuɗi, ku yi yarjejeniya cewa ba za ka taɓa su ba sai bayan wata uku, ko shida, ko shekara, ko fiye, shi kuma ya yi maka alkawarin ƙara maka wani kaso da aka yanke tun ranar farko. A takardun bankunan Garwa, Marwa, Ngaundere da Njamena za ka gan ta da haruffa uku, `DAT`. Kuɗin da ka kai su ne uwar kuɗi, abin da banki ya ƙara maka shi ne kuɗin ruwa.

Mutane da yawa suna ɗauka cewa da zarar an kulle kuɗi shekara biyar, ruwan zai riƙa hawa kan ruwa da kansa. Ba haka abin yake ba a kullum. Ruwa yana hawa kan ruwa ne kawai idan ruwan da aka samu a ƙarshen wa'adi ya koma cikin uwar kuɗi, aka sake kulle su tare. In banki ya zuba maka shi a asusunka na yau da kullum, to uwar tana nan yadda take, kuma abin da za ta kawo baɗi daidai yake da na bana. Layi ɗaya ne a takardar yarjejeniya ke raba waɗannan hanyoyi biyu, kuma shi ne layin da aka fi tsallakewa wajen sa hannu.

Akwai maganar da ba zan wuce ta ba kafin lissafi. Mafi yawan malamanmu suna ɗaukar ƙarin da aka yanke kan ajiya a matsayin riba da shari'a ta hana, kuma wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba ya nemi malaminsa kafin ya nemi banki. A 2022 ƙasashen CEMAC, wato ƙungiyar ƙasashen tsakiyar Afirka masu amfani da sefa, sun fitar da dokar da ta tsara harkar kuɗi ta Musulunci, kuma wasu bankuna a Kamaru da Chadi suna da sashen da ke aiki a kan wannan tsari. A can ma lissafin nan yana da amfani, domin ribar mudaraba, wato ka ba da jari a juya a raba riba, in aka mayar da ita cikin jari tana ninkuwa ta hanya ɗaya, sai dai ita ba a yanke adadinta tun farko, tana iya hawa, tana iya sauka. Haka kuma wanda ya ci bashi da ruwa, da wannan lissafin ake bin sa. Saninsa bai wajabta maka yin ajiyar ba.

Lissafin, shekara ɗaya bayan ɗaya

Mu ɗauki wata Hajiya mai sayar da atamfa a babbar kasuwar Garwa. Ta sayar da wani fili da ta gada, ta ware sefa 1,000,000 don karatun jikarta da ke da sauran shekara biyar ta gama sakandare. Duk adadin da zan kawo a nan sefa ne kamar yadda ake rubuta su a takardar banki, ba ƙidayar dala ko riyal ta bakin kasuwa ba, wadda sai an ninka sau biyar. Mu ce banki ya ba ta kashi 5 cikin ɗari a shekara. Na zaɓi 5 ne don sauƙin lissafi. Abin da za a ba ka ya danganta da bankin, da yawan kuɗin, da tsawon wa'adin, kuma sau da yawa ana iya yin ciniki a kai idan kuɗin suna da kauri.

Shekarar farko ba ta da wuya. Kashi 5 cikin ɗari na miliyan ɗaya shi ne 50,000. Ranar da wa'adi ya cika, Hajiya tana da 1,050,000.

A nan hanya ta rabu biyu. In ta karɓe dubu hamsin ɗin ta sa a jaka, aka sake kulle miliyan ɗaya, baɗi ma dubu hamsin za ta samu, haka baɗin baɗaɗa. Bayan shekara biyar ta tara 250,000 a kan miliyanta, jimla 1,250,000. Wannan shi ne ruwa miƙaƙƙe, wanda ba ya hawa kan kansa.

In kuwa ta ce a bar dubu hamsin ɗin a ciki, uwar kuɗin shekara ta biyu ta zama 1,050,000. Kashi 5 na wannan shi ne 52,500. Dubi daga ina 2,500 na sama suka fito: dubu hamsin ɗin bara ne suka yi aikin shekara guda suka kawo nasu. Sirrin ke nan gaba ɗaya, babu wani a ɓoye. Kamar saniya ce da ta haifi karsana: in ka sayar da karsanar, saniya ɗaya ce za ta ci gaba da haihuwa a garkenka, in ka bar ta ta girma, masu haihuwa sun zama biyu. A ƙarshen shekara ta biyu kuɗin Hajiya sun kai 1,102,500.

Shekara ta uku ana ɗaukar kashi 5 na 1,102,500, wato 55,125, jimla ta zama 1,157,625. Ta huɗu ta kawo 57,881, jimla 1,215,506. Ta biyar ta kawo 60,775, aka tashi da 1,276,281.

Yanzu ka ajiye biyun kusa da juna. Wadda ta riƙa karɓe ruwanta tana da 1,250,000. Wadda ta bar shi tana da 1,276,281. Tazarar 26,281 ce a shekara biyar. Gara in faɗa maka gaskiya: ba wani abin a zo a gani ba ne. Wanda ya ji ana zuzuta ruwa kan ruwa ya zo yana tsammanin miliyansa za ta zama biyu kafin yaro ya gama firamare, zai koma gida rai a ɓace. A shekarun farko ninkin ƙarami ne ƙwarai, domin ruwan da ke aiki bai taru ba tukuna.

Lokaci ne ke ba shi ƙarfi. In Hajiya ta bar kuɗin shekara 10 a kan wannan kaso, za su kai 1,628,894, alhali hanya miƙaƙƙiya ta tsaya a 1,500,000. Tazarar ta tashi daga dubu ashirin da shida zuwa kusan dubu ɗari da ashirin da tara, wato shekarun sun ninka sau biyu kawai amma tazarar ta ninka kusan sau biyar. A shekara 20 kuɗin sun kai 2,653,297, ɗayar hanyar kuma 2,000,000 cif. A shekara ta ashirin kaɗai, ruwan da ke shigowa ya haura 126,000, daga miliyan ɗin nan da ta soma da kawo dubu hamsin.

Yadda za ka buga shi a waya

Ba sai ka bi shekara-shekara da alƙalami ba. Ƙara kashi 5 cikin ɗari daidai yake da ninkawa da 1.05. Saboda haka shekara biyar ninkawa ce da 1.05 sau biyar. A kalkuletar waya sai ka buga:

```
1000000 × 1.05 × 1.05 × 1.05 × 1.05 × 1.05 =
```

Za ka ga 1276281.56. A taƙaice ana rubuta ƙa'idar haka:

```
J = U × (1 + k)^n
```

`U` uwar kuɗi ce, `k` kason ruwa ne na shekara a rubutun ɗigo, `n` yawan shekarun da kuɗin suka yi ana mayar da ruwa cikin uwa, `J` kuma jimlar ƙarshe. Inda ake yawan tuntuɓe shi ne wajen juya kaso zuwa ɗigo. Kashi 5 shi ne 0.05, ba 0.5 ba. Kashi huɗu da rabi shi ne 0.045. In ka buga ka ga miliyanka ta zama miliyan bakwai da rabi a shekara biyar, ka sa 1.5 ne a gurbin 1.05, koma ka gyara. Ka kuma tuna takardun Faransanci suna sa waƙafi inda muke sa ɗigo, don haka `4,5 %` huɗu da rabi ne, kuma wayar da aka saita da Faransanci waƙafin take so.

Akwai wata dabara ta ka, ba tare da waya ba. Raba 72 da kason da aka ba ka, amsar ita ce kimanin shekarun da kuɗin za su ninka biyu. A kashi 5, shekara goma sha huɗu da 'yan watanni. A kashi 3, shekara 24. A kashi 6, shekara 12. Ta hanya miƙaƙƙiya kuwa, kashi 5 sai ya ci shekara 20 kafin ya ninka kuɗin.

Kason da aka faɗa maka da wanda zai shiga hannunka

Lissafin da muka yi na sama tsabtatacce ne, babu wanda ya yanki komi a ciki. A banki akwai mai yanka. A Kamaru harajin da ake cirewa daga abin da jari ya haifar kashi 16.5 cikin ɗari ne, kuma banki ne ke cire shi kafin kuɗin su iso gare ka. Akwai nau'o'in ajiya da doka ta yafe wa wannan haraji, Chadi kuma tana da nata tsarin daban, saboda haka kada ka yi ƙiyasi da kanka. Tambayi ma'aikacin banki ya rubuta maka adadi biyu: `taux brut`, wato kason kafin a cire haraji, da `taux net`, wanda ya rage bayan an cire. Da na biyun za ka yi lissafi.

Mu ce ajiyar Hajiya tana cikin wadda ake cire wa harajin. Daga 50,000 na shekarar farko za a yanke 8,250, saura 41,750. Ke nan kason da take samu da gaske 4.175 ne cikin ɗari. Uwar kuɗin shekara ta biyu ta zama 1,041,750 maimakon 1,050,000. Wannan ta kawo 52,087, aka cire haraji 8,594, saura 43,493, jimla 1,085,243. In ka ci gaba da ninkawa da 1.04175 har sau biyar, za ka tsaya a 1,226,923.

Tsakanin wannan da 1,276,281 na farko akwai tazarar 49,358. Ba harajin ne kaɗai ya ci wannan duka ba. Kowace sefa da aka yanke a shekarar farko ta tafi tare da 'ya'yan da za ta haifa a sauran shekaru huɗun. Yadda ƙari ke ninkuwa, haka ragi ma ke ninkuwa, kuma shi ya sa nake ganin rabin kaso ɗaya ya cancanci a zauna a yi ciniki a kansa, ko a taka zuwa banki na gaba a ji ta bakinsu. Da kason 4.175, kuɗin Hajiya sai sun yi kusan shekara 17 kafin su ninka biyu.

Duk da harajin, barin ruwan a ciki ya fi. Wadda ta riƙa karɓe 41,750 kowace shekara za ta tashi da 1,208,750. Wadda ta bari ta fi ta da 18,173.

A gaban kantar banki

Ka je da katin shaidarka, da lambar asusunka in kana da shi, domin yawanci daga asusu ake ɗiban kuɗin ajiyar kuma can ake mayar da su. Kafin ka sa hannu, tambayar farko ita ce abin da zai faru ranar da wa'adi ya cika. Abu uku ne ke iya faruwa: a mayar maka da komi cikin asusunka, ko a sake kulle uwar kuɗin kaɗai a zuba maka ruwan, ko a sake kulle uwa da ruwa tare. Na ukun ne kawai ke ba da lissafin da muka yi. A takarda nemi inda aka rubuta `renouvellement`, ka tabbata abin da ke gabansa yana cewa `capital et intérêts`, ba `capital` kaɗai ba. In bankin ba ya yin haka da kansa, ba laifi, sai dai nauyin ya dawo wuyanka: ranar cikar wa'adi ka je da ƙafarka ka buɗe sabuwar ajiya da jimlar duka.

Ga irin tambayar da Hajiya ya kamata ta yi, ba tare da jin nauyin kowa ba: «Ɗana, bar ni da maganar kashi-kashi. Na ba ka miliyan ɗaya yau. Ranar da shekara ta zagayo, nawa za ka ƙirga mini a hannu bayan an cire komi?» In ya amsa, «Hajiya, miliyan ɗaya da dubu arba'in da ɗaya da ɗari bakwai da hamsin,» sai ta ce ya rubuta a takardar, ta ƙara da tambayar ko da wannan adadin za a soma shekara ta biyu. Ma'aikacin da ya san aikinsa ba zai ji haushi ba.

Tambaya ta biyu ita ce ko kason zai zauna. Ajiyar shekara ɗaya da ake sabuntawa sau biyar ba ta da tabbacin kashi 5 har ƙarshe. Wasu yarjejeniyoyin suna cewa a sabunta a kan kason da banki ke bayarwa a ranar, kuma yana iya sauka zuwa 4 ba tare da kowa ya kira ka ba. Ajiyar da aka kulle shekara uku ko biyar a tashi ɗaya tana riƙe kason, amma sau da yawa ana biyan ruwanta ne a asusu duk shekara, ko a lissafa shi miƙaƙƙe a biya a ƙarshe. Hanyar ganewa mai sauƙi ce. Ka ce a rubuta maka jimlar ƙarshe kafin haraji. In an rubuta 1,250,000 a kan miliyan ɗaya, kashi 5, shekara biyar, ruwan miƙaƙƙe ne. In an rubuta 1,276,281 ko kusa da haka, yana hawa kan kansa.

Sai kuma wani kuskure da ke jawo cacar baki a kantar banki. Kason da banki ke faɗa na shekara ne, ko da ajiyar ta wata shida ce. Wanda ya kulle miliyan ɗaya wata shida a kan kashi 5, dubu ashirin da biyar zai samu, ba hamsin ba. Na wata uku kuma 12,500. Ba a cuce shi ba, rabin shekara rabin ruwa take kawowa.

Wannan ya kai mu ga tambayar da masu kaifin lissafi ke yi: in ana mayar da ruwa cikin uwa duk wata shida, ba zai fi na shekara-shekara ba? Zai fi, amma da kaɗan. Wata shidan farko sun kawo 25,000, na biyu sun kawo kashi biyu da rabi na 1,025,000, wato 25,625. A shekara an samu 50,625, ƙarin 625 ke nan. In duk wata uku ake yi, ƙarin 945 ne. Kuma banki yakan ba gajeren wa'adi kaso mafi ƙanƙanta. In na wata shida kashi 4.5 ne, ko ka mayar da ruwan ciki, shekarar za ta ba ka 45,506, ƙasa da dubu hamsin na wanda ya kulle shekara guda a kashi 5. Kada ka bi yawan ninkawa ka saki girman kaso.

Inda ribar ke zubewa

Abin da na fi jin tsoro a wannan harka shi ne mantuwa. A ce shekarar farko ta cika, babu umarnin sabuntawa, banki ya juye 1,050,000 cikin asusun Hajiya na yau da kullum. Ita kuma tana tsakiyar cinikin sallah, ba ta waiwaya ba sai bayan wata uku. A waɗannan watanni ukun kuɗin da sun kawo 13,125. Rabin duk abin da ruwa kan ruwa zai ba ta a shekara biyar ke nan, ya tafi a mantuwa ɗaya, ban da kuɗin kula da asusu da ake cirewa. Kuma kuɗin da ke zaune a asusun da hannu ke kaiwa ba sa daɗewa: biki ya taso, ɗan'uwa ya zo da buƙata, sai a ɗiba. Rubuta ranar cikar wa'adi a bangon littafin cinikinka, ka sa ƙararrawa a waya mako biyu kafin ta, domin wasu bankunan suna son a sanar da su canjin umarni kafin ranar.

Bayan kowace sabuntawa ka karɓi sabuwar takarda ko bayanin asusu, ka duba abu biyu: uwar kuɗin da aka rubuta, da kason. In uwar shekara ta biyu har yanzu 1,000,000 ce, ruwanka bai shiga ba, yana wani wuri, je ka neme shi tun da zafinsa.

Fasa ajiya kafin lokaci shi ma yana da tsada. Kowane banki da sharaɗinsa: wani ya rage kason, wani ya ci tara, wani ya hana ruwan watannin gaba ɗaya. Mu ƙaddara yarjejeniyar ta ce wanda ya fasa za a lissafa masa kashi 2 kawai. Hajiya ta buƙaci kuɗi a wata na takwas. Da kashi 5 watannin nan sun tara mata 33,333, da kashi 2 kuwa 13,333 za ta gani. Ta rasa dubu ashirin, wataƙila don buƙatar da ba ta wuce dubu ɗari biyu ba. Maganin wannan tun ranar farko ake yin sa: a raba kuɗin gida biyu, misali 700,000 a doguwar ajiya, 300,000 a ta wata uku ko shida. In larura ta zo, ƙaramar za a fasa, babbar ta ci gaba da tafiyarta. Kuɗin da ka san za ka nema lokacin sayen albasa ko gyaɗa a kaka ba na ajiyar shekara ba ne tun asali.

Sai tsadar kaya, wadda ba a rubuta ta a kowace takardar banki. Ƙasashen CEMAC sun sa wa kansu iyakar hauhawar farashi ta kashi 3 cikin ɗari a shekara. In farashi ya tsaya a wannan iyaka, shi ma ninkuwa yake yi kamar ruwa, kuma abin da miliyan ɗaya ke saye yau sai an biya 1,159,274 bayan shekara biyar. Ke nan 1,226,923 na Hajiya, in an auna su da buhun gero da kuɗin makaranta, daidai suke da kusan 1,058,000 na yau. Ƙarin gaske dubu hamsin da takwas ne. A 2022 da 2023 kuwa hauhawar farashi a Kamaru ta haura kashi 6, kuma duk wanda ke karɓar kashi 4 a waɗannan shekaru, lambar da ke takardarsa ta ƙaru amma abin da za ta saya ya ragu. A ganina ajiyar wa'adi wurin tsare kuɗi ce daga hannu da ɓarawo da gobarar kasuwa, tare da rage cizon tsada. Wanda ke juya atamfa ko shanu yana samun fiye da haka a jarinsa, ba a ce ya kwashe jarin ya kulle ba.

Wa ka ba kuɗin?

Lissafin shekara goma ba shi da amfani in wanda ke riƙe da kuɗin ba zai kai shekara goman ba. Hukumar COBAC ce ke sa ido a kan bankuna da ƙananan cibiyoyin ajiya da lamuni a ƙasashe shida na CEMAC, har da Kamaru da Chadi. Akwai kuma asusun lamuni na FOGADAC, wanda ke biyan mai ajiya har sefa miliyan 5 a kowane banki idan bankin ya durƙushe. Miliyan ɗayar Hajiya da ruwanta suna ƙarƙashin wannan rufi. Mai miliyan takwas kuwa gara ya raba su banki biyu. Ƙananan cibiyoyi sukan ba da kaso mafi tsoka fiye da manyan bankuna, kuma a cikinsu akwai na ƙwarai, amma kafin ka kai kuɗinka ka nemi ganin takardar izininsu, ka kuma tambaya ƙarara wa zai biya ka in sun rufe. Masu ajiya a Cofinest, wata cibiyar ajiya da lamuni a Kamaru, sun ga abin da rufewa ke nufi a 2011.

Ƙa'idar nan da ka koya tana kuma tona asirin maƙaryaci. Wani zai zo unguwa da rigar mutunci ya ce yana ba da kashi 20 cikin ɗari duk wata, kuma in ka bar ribar a ciki za ta riƙa ninkuwa. Fito da wayarka a gabansa ka ninka miliyan ɗaya da 1.2 sau goma sha biyu. Za ka ga 8,916,100. A shekara ta biyu ta haura miliyan 79. Babu auduga, babu shanu, babu safarar kaya tsakanin Kuseri da Njamena da ke ninka jari kusan sau tara kowace shekara, kuma mai irin wannan sana'a ba zai zo yana roƙon dubu ɗarinka ba. Da kuɗin sababbin shiga yake biyan na farko, kuma yana matsa maka ka bar ribar a ciki ne don kada ka nemi abin da babu shi. Duk wanda ya yi maka alkawarin kaso na wata, buga shi a waya kamar haka har sau goma sha biyu kafin ka ba shi amsa, sannan ka kwatanta da abin da banki mai izini ya rubuta maka na shekara guda.